Jadawalin guba biyu: a fara da hamata da ƙafa

Har yanzu ina jin haushin tsohon jadawalin da ɗalibanmu ke turawa juna a waya a nan Kumasi, wanda ke kwatanta gubar sirotonin, wato yawaitar sinadarin sirotonin a jiki saboda magani, da gubar antikolinajik, wato ta abin da ke toshe aikin sinadarin asetilkolin. Layukansa na sama duk abin da biyun suka yi tarayya ne: zafin jiki, bugun zuciya da sauri, ruɗewa, buɗewar ƙwayar ido. Ɗalibi kan karanta huɗun nan ya ce ai ya gane.

Aka kawo wani saurayi daga Aboabo yana sambatu, yana tsintar abin da babu a kan zanen gado. Abokansa suka ce yana shan tiramadol. Nan take wata ɗaliba ta ce, "Malam, sirotonin ne, a ba shi sifuroheftadin." Na ce ta sa hannu a hamatarsa. A bushe ƙayau. Mara ta cika da fitsari, hanji shiru. Muka lanƙwasa tafin ƙafarsa sama da sauri, bai yi wannan karkarwar ta kulonus ba. Daga baya suka faɗi gaskiya: zaƙami ya sha. Shi kuwa sifuroheftadin yana da tasirin antikolinajik a kansa, da an ba shi da an ƙara wa wuta fetur. Ga shi maganin a ko'ina yake, ana sayar da shi don buɗe ciki.

Da na zauna rubuta sabon jadawali, abin da hannu zai taɓa na ɗora a sama. Mai sirotonin sharkaf yake da gumi, hanjinsa na ƙugi, wani lokaci har da gudawa, ƙafafunsa na zabura fiye da hannuwa. Mai antikolinajik fatarsa da bakinsa a bushe, ƙafa lafiya lau.

Layin lokaci bai ba ni wahala ba. Sirotonin kan tashi cikin sa'o'i bayan ƙarin magani ko haɗa biyu, kamar tiramadol da fuluwokzetin, yakan kuma lafa cikin awa 24 da dainawa, sai dai fuluwokzetin na daɗewa a jiki. Ruɗewar zaƙami kuwa tana iya kwanaki.

A layin magani na haɗe gidajen biyu inda suka dace: tsayar da maganin, diyazefam, ruwa ta jijiya, sanyaya jiki. Farasitamol ba ya sauke zafin sirotonin, domin daga tsoka yake fitowa. Sannan na raba: sifuroheftadin miligiram 12 da farko ga mai sirotonin kaɗai, robar fitsari ga ɗayan, da fisostigimin, makarin gubar antikolinajik, miligiram 1 zuwa 2 a hankali ta jijiya, idan akwai shi, kuma sai gwajin zuciya ya nuna zangon QRS na zanen bugunta bai faɗaɗa ba. Amitiriftilin na ware masa gidansa daban, don yana taɓa ɓangarorin biyu, kuma da shi ne fisostigimin ke iya tsayar da zuciya.

A ƙarƙashin sifuroheftadin na rubuta da jan biro: kada a bayar idan hamata a bushe take.