Jawabin Malamin Kwamfuta Kan Sabunta Manhaja

Yau na zauna a bayan ɗakin kwamfuta ina sauraren malamin kwamfuta na makarantarmu yana yi wa ɗalibai jawabi, kuma har yanzu maganarsa tana raina. Ya ce yawancin sabuntawar da kwamfuta ke nema toshe kafa ce da aka gano a manhaja, kuma da zarar kamfani ya fitar da gyaran, masu kutse sun san inda kafar take, sai su bi kwamfutocin da ba a sabunta ba. Ya kawo misalin WannaCry, wata cutar kwamfuta da ta kulle fayilolin mutane a watan Mayu na 2017, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, cutar tana tsallakawa da kanta tsakanin kwamfutocin da ke haɗe, saboda haka guda ɗaya da aka yi wa sakaci ta isa ta jawo wa sauran. Ya roƙe su kada su kashe na'ura tana tsakiyar sabuntawa, kuma idan ta nemi Restart, su adana aikinsu su bar ta ta kammala, domin sau da yawa gyaran ba ya fara aiki sai an sake kunna ta. Ni kaina na sha ɗage wannan.