Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan maganar Yaya da Auta

Alhamdu lillahi. Jiya Yaya da Auta sun ci tuwo a kwano ɗaya, bayan wata uku ko gaisuwa ba ta haɗa su. Kun san yadda abin ya faro a kasuwar Mile 12 ta Legas kan lissafin kuɗin albasa, ba sai na maimaita ba. Mun gaji, wallahi, amma barci ya dawo gidanmu na Agege.

Kawu, wanda ya zo ya sasanta su, ya hana a ambace shi. Ka yafe mini, Kawu, ba zan iya yin shiru ba.

Ranar da ya iso, kowa ya matsa a zauna nan take, wai da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ya ce ɗan'uwa ba ƙarfe ba ne. Ya ƙi safiya, domin lokacin ake sauke motar albasa daga Aliero, hankalin ɗan kasuwa yana kan buhu, ga yaran shago sun kasa kunne. Wanda aka tuhuma a gaban yaransa mutuncinsa zai tsaya karewa, ba gaskiya ba. Ya ƙi daren ranar aiki, don wanda ya sha cunkoson hanya daga Ketu zuwa Agege da yunwa a cikinsa, ko sannu ka ce masa sai ya ji kamar gatse. Waya kuwa ya ce kada ma a fara, tunda ba ka ganin fuskar mutum balle ka san inda za ka dakata. Sai ya tsayar da Lahadi bayan la'asar, an ci an ƙoshi, mutum uku kacal a ɗaki, ni kuma ina bakin ƙofa da butar shayi.

Tun ranar Asabar ya gaya wa Auta: "Gobe ina so mu duba lissafin albasar nan, ni da kai da yayanka." Bai ce "akwai magana" ya bar yaro ya kwana yana saƙe-saƙe ba, bai kuma yi masa kwanton ɓauna ba.

Yaya ma sai da aka gyara masa baki. Abin da ya shirya faɗa shi ne, "Ka ci amanata, kullum haka kake." Kawu ya ce a cire "kullum", a cire "ba ka taɓa", domin da Auta ya tuno rana ɗaya da ya yi daidai, musu ya koma kan wannan ranar, an manta da albasa. A cire "amana" ma, wannan hukunci ne, ba a kuwa ji ta bakinsa ba tukuna. Maganar gonar gado da ta kuɗin biki, ya ce ba ranarsu ba ce. Ya tuna masa cewa Fir'auna ma, a Suratu Ɗaha, magana mai taushi aka umarci Annabi Musa da Annabi Haruna su yi masa, balle ƙanin da kuka sha nono ɗaya.

Ga abin da Yaya ya faɗa a ƙarshe: "Auta, littafi ya nuna buhu 40 aka sauke, kuɗin 32 na gani. Abin ya hana ni barci. Taimaka mini in gane takwas ɗin nan." Daga nan ya yi shiru, kamar yadda aka ce masa, ko shirun zai kai minti biyar kada ya cike shi.

A nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Auta ya ce "to, shi ke nan", ya miƙe yana laluben takalmi. Wannan "shi ke nan" ba yarda ba ce, kunne ne ya toshe, duk abin da aka ƙara a kai zuba ruwa ne a kwando. Kawu bai riƙe shi ba, bai ce ina za ka ba. Cewa ya yi, "Auta, ɗauko mini buta, magariba ta kusa." Suka tafi masallaci tare. Da suka dawo, Auta da bakinsa ya ce bashi ya bai wa wata mai saye, ta ɓace, kunya ta hana shi faɗa. A daren aka rubuta yadda zai biya, kuɗin buhu ɗaya duk wata, kuma ba shi ba ba da bashi sai Yaya ya sani.

Inna, mun gode da kika kwashe yara da matan gida zuwa maƙwabta ba tare da an roƙe ki ba. Baba Liman, mun gode da addu'a da riƙe sirri. 'Yan'uwanmu na gida da suka yi ta turo saƙon murya suna yanke hukunci, amma kuɗin mota ya gagare su, to, mun gode da abin da ya samu.

Allah Ya saka wa Kawu da gidan Aljanna, Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifanmu, Ya sa albarka a kasuwar Yaya da Auta, Ya hana shaiɗan sake shiga tsakaninsu. Kawu zai hau mota ranar Laraba, a taya mu roƙa masa sauka lafiya.