Miƙa shago ga magaji: a fara da sari, bashi ya zo daga baya

Yawancin masu shago suna ɗauka cewa idan yaro ya shekara goma yana tsayuwa a bayan kanta, ya iya sana'ar. Abin da ya iya shi ne sayarwa. Shago kuwa ba a wajen sayarwa yake mutuwa ba, a wajen sari da bashi yake mutuwa, kuma waɗannan biyun su ne maigida yake riƙewa a hannunsa har ranar da rashin lafiya ko tsufa ya tilasta masa sakinsu gaba ɗaya. Sai magajin ya karɓi komai a rana guda, bai taɓa yanke shawarar da ta ci kuɗi ba.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a ware masa sashe ɗaya, kamar kaya iri goma zuwa goma sha biyar masu saurin tafiya waɗanda ba sa lalacewa da wuri, a ce masa sarinsu ya koma hannunsa. A ware masa jarin sashen, a rubuta adadin, ya riƙe littafinsa daban. Wata uku na farko ya rubuta abin da zai saro ya nuna kafin ya aika. Wata uku na biye ya aika, sannan ya faɗa. Daga nan sai lissafin ƙarshen wata kawai.

Lissafin farko da zai koya shi ne lokacin da ake sake sari. A ce wani kaya yana tafiya katan bakwai a mako, wato ɗaya a rana, kuma dila yana ɗaukar kwana biyar kafin ya kawo. Katan biyar za su ƙare yayin jira, a ƙara uku saboda jinkiri ko ranar da ciniki ya buɗe. Ke nan da zarar saura katan takwas, a aika, a saro katan 14 na mako biyu.

Ga inda sabon hannu yake faɗawa. Dila zai ce masa ya ɗauki katan 60 a rage masa kashi huɗu cikin ɗari. Ragin gaskiya ne, shi ya sa yake ruɗi. Amma katan 60 kayan wata biyu ne, kuɗin katan 46 sun kwanta a sito, alhali sauran kayan sashen suna ƙarewa babu abin saro su. Alamar a bayyane take: wani lungu ya cika har rufi, wasu kantoci sun yi fayau, aljihun kuɗi babu nauyi ranar biyan diloli. Idan haka ta faru, kada maigida ya zuba kuɗi ya cike giɓin. Jarin sashen an yanke shi ne daidai asarar da shago zai iya ɗauka, don haka a bar shi ya zauna da lissafin, ya nemo mafita, ko ya karya farashi ko ya roƙi dila ya karɓi wani ɓangare.

Bashi kuwa ba a sakar masa sai ya yi shekara yana riƙe sari lafiya, domin a nan kunya take shiga. Mutumin da ya san shi tun yana rarrafe zai zo ya ce a rubuta, shi kuwa ba zai iya cewa a'a ba. Maganin shi ne a sa doka a rubuce wadda zai fake da ita: sunayen waɗanda ake ba bashi, iyakar kowa, da wa'adi, misali kwana 30, kuma wanda bai biya na baya ba ba a ƙara masa. Duk mako a zauna a raba littafin bashi gida uku, wanda bai kai wata ba, wanda ya wuce wata, da wanda ya wuce wata uku. Idan gida na uku yana kumbura, an yi saurin sakar masa wannan ragamar.

Sau da yawa kuma mai ɓata shirin shi ne maigidan da kansa. Dila ko ma'aikaci zai ji amsar da ba ta yi masa daɗi ba, ya zagaya ya same shi, shi kuma ya warware abin da yaron ya ƙulla. Sau biyu aka yi haka, babu mai sake ɗaukar maganar magajin da nauyi. Amsar ɗaya ce: wannan sashe nasa ne, koma wurinsa. Gyara, in akwai, a yi shi bayan an rufe shago, su biyu.

A yanka wa magajin albashi tun ranar farko, ya daina zura hannu a kuɗin ciniki, maigida ma ya rubuta duk abin da ya ɗauka. Sa hannu a asusun banki shi ne na ƙarshe, kuma a fara da sa hannun mutum biyu kafin a cire na maigida.