Laraba: sanarwar buhunan wake

Yau da hantsi edita ya miƙo mini sanarwar wata ƙungiya mai aiki da mata manoma a ƙauyukan Giwa ta jihar Kaduna, ya ce in fitar da labarin da za a karanta da ƙarfe shida. Shafi biyu ce cur. Wai ƙungiyar "ta haɗa hannu da masu ruwa da tsaki domin ƙarfafa gwiwar mata, da inganta rayuwarsu, da samar da ci gaba mai ɗorewa", kuma mata 300 sun amfana. Na kai ƙarshe ban san ko kuɗi aka raba, ko taki, ko taro kawai aka yi aka watse ba.

Na ɗauki biro na bi ta layi-layi, ina ja wa duk jimlar da mai kyamara zai iya ɗaukar hotonta layi. Ba a ɗaukar hoton ƙarfafa gwiwa, amma ana ɗaukar hoton mace tana karɓar buhu. Abin da ya tsira kaɗan ne: an yi taro ranar Asabar, an nuna "sabuwar fasahar adana amfanin gona", an raba "kayan aiki". Sai na ware abin da aka riga aka yi daga abin da za a yi, domin sakin layi guda cike yake da "za ta" da "tana da ƙudurin", an cusa shi tsakiyar ayyukan da aka gama.

Bayan azahar na kira lambar da ke ƙasan takardar. Wata Hajiya ce ta ɗauka, ita ce jami'ar da ta je ƙauyen da kanta. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, da a ce ƙanwarki ce ta tambaye ki me kuka je yi Giwa, me za ki ce mata?" Nan take ta ce, "Buhun wake muka kai musu, Malam."

Ashe buhun PICS ne, mai riɓi uku, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwarin da ke ciki su cinye sauran iskar da ta rage, daga nan su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an sa magani ba. Dalilin aikin kuwa, wanda sanarwar ba ta ambata ko sau ɗaya ba, shi ne matan kan sayar da wakensu da kaka yana arha don tsoron ƙwari, waɗanda suka ajiye kuma su barbaɗa maganin da ke iya cutar da mai ci. Wannan ya tsaya mini a rai. Aiki mai kyau haka, an binne shi a ƙarƙashin manyan kalmomi, alhali mai sauraronmu a Shika ko Dakace shi ma yana da wake a ɗaki.

Da muka zo kan lissafi sai ta ɗan yi jim. Mata 60 ne suka zo, kowace ta samu buhu biyu. An kai 300 ne da aka ninka da mutum biyar na kowane gida. Ban ɗauke shi ƙarya ba, amma yaran gida ba mata manoma ba ne, kuma ba a san wa ya amfana ba sai an kwance buhu bayan watanni an ga wake lafiya. Na rubuta 60. Na kuma tambaye ta inda buhun ke kasawa. Ta ce waken da bai bushe sosai ba yakan lalace a ciki, kuma huda ɗaya ta ɓera ko ta tsinke ta isa ta ɓata aikin, shi ya sa ake cika ledar da iska a matsa a ji ko tana fita kafin a zuba.

Ga abin da na miƙa: "Wata ƙungiya ta koya wa mata 60 a ƙaramar hukumar Giwa ajiye wake ba tare da maganin ƙwari ba, ta ba kowace buhu biyu masu hana iska shiga, domin su iya riƙe wakensu har farashi ya tashi." Na biyo da bayanin bushewa da gwajin leda.

Edita ya so a maido da ci gaba mai ɗorewa, wai kada ƙungiyar ta ji an rage mata daraja. Na ce daƙiƙa arba'in muke da su, gara a faɗa wa mutane inda ake sayar da buhun. Ya amince, da sharaɗin in tabbatar. Gobe da safe zan bi shagunan kayan noma na Sabon Gari da Samaru in ji wa ke da shi, kuma nawa.