Yadda muka karɓo takardar izinin kula da dukiyar Yayana

Yayana, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Kaduna bai bar wasiyya ba. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da yara uku ƙanana, namiji ɗaya mata biyu. Rabon gadonsa bai ba mu wahala ba, domin shari'ar Musulunci ta riga ta yanka wa kowa rabonsa. Inda aikin yake shi ne fito da abin da za a raba. Kuɗinsa suna banki, fanshonsa yana wurin kamfanin fansho, kuma duk inda muka je magana ɗaya ce: a kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha.

Da yawa daga danginmu sun ɗauka tun da sunana Yaya ya rubuta a banki a gurbin makusanci, ni za a miƙa wa kuɗin. Ba haka ba ne. Wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru, bai mai da mutum magaji ba. Ni ma ba na cikin magada, tun da ya bar ɗa namiji. Akwai kuma wanda ya ce a yi ta cire kuɗin da katinsa kafin banki ya ji labari. Muka ƙi. Haƙƙin marayu ne a ciki, kuma cire kuɗi daga asusun mamaci ba da izini ba laifi ne da zai iya kai mutum gaban alƙali.

Mun fara da takardar shaidar rasuwa. Asibiti ya ba mu tasa, muka kai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aka ba mu ta hukuma. Daga nan aka yi zaman dangi don a zaɓi waɗanda za su nema. Ba a wuce mutum huɗu, kuma idan akwai ƙananan yara a cikin magada ba a ba mutum ɗaya shi kaɗai, sai aƙalla biyu. Aka tsayar da ni da matar Yaya. Da yake dole ta je kotu da kanta ta yi rantsuwa ta sa hannu, sai muka jira ta fita takaba. Ina ganin kuskure ne dangin miji su ware uwar yara daga wannan aiki don suna ganin sun sauƙaƙa mata, domin ita za ta riƙe yaran, ita ya kamata ta san ko sisin kwabo ina ya shiga.

A Babbar Kotu akwai sashen da ake kira furobet, ƙarƙashin babban rajistara. Can muka kai wasiƙar nema, mai ɗauke da cikakken sunan mamaci, ranar rasuwarsa, inda yake zaune, da dangantakarmu da shi. Muka haɗa da shaidar rasuwa, hotunanmu da katin shaida, muka biya kuɗin fom. Fom ɗin suna da yawa: na rantsuwa cewa za mu riƙe amana, na bayyana iyalin da ya bari, na bashi da kuɗin jana'iza, na masu tsaya mana, sai na lissafin dukiya.

Wannan na lissafin dukiya shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma a kansa na fi so mai karatu ya natsu. Takardar da kotu za ta bayar ba ta aiki sai a kan abin da aka rubuta a cikinta. Idan mamaci yana da asusu uku ka rubuta biyu, banki na uku zai duba ya ga babu sunansa, ya mayar da kai. Sai ka koma kotu ka nemi a ƙara, da sabon biya da sabon jira. Shi ya sa kafin mu cike komai muka zauna muka bi takardun Yaya ɗaya bayan ɗaya, muka duba saƙonnin banki a wayarsa, na kuma je wurin aikinsa na tambaya. A saƙonnin nan muka gano wani tsohon asusu da matarsa ma ba ta san da shi ba. A wurin aiki kuma aka tuna mana da inshorar rai, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu, aƙalla ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Asusun fansho ma sai da muka rubuta shi da sunan kamfanin da lambarsa.

Kotu ba ta karɓar adadin kuɗi daga bakinka. Akwai fom da ta ba mu muka kai kowane banki, su suka rubuta abin da ke asusun suka buga hatimi. A nan aka samu tsaiko, domin a wani banki an rubuta Muhammad, a takardar rasuwa kuma Mohammed. Sai da muka yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne. Duk mai shirin wannan aiki ya jera takardun mamaci tun farko ya duba ko sunan ya zo iri ɗaya.

Da adadin ya dawo, ma'aikatan furobet suka lissafa kuɗin da za a biya gwamnati. Kaso ne na darajar dukiyar, kuma kowace jiha da nata, don haka kada ka ɗauki abin da wani ya biya a Legas ko Abuja ka yi shiri da shi. Abin da ya fi ciwo shi ne ana biyansa kafin a taɓa kuɗin mamaci. Dangi ne suka haɗa, muka rubuta abin da kowa ya bayar, aka mayar musu daga baya. Masu tsaya mana mutum biyu ne, suka zo da kansu suka sa hannu cewa idan muka ci amana su za su biya abin da ya salwanta. Sannan aka buga sanarwa a jarida, aka jira kwana 21 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. Da wani ya shigar da ƙorafi, da komai ya tsaya har sai an warware. Galibi mai yin haka shi ne wanda aka ɓoye wa maganar, wata matar ko ɗa daga wani ɗaki, shi ya sa zaman dangin nan na farko yake da rana. Namu babu wanda ya fito, aka sa wa takardar hannu da hatimi.

Takardar ba rabon gado ba ce, izini ne na tattarawa da riƙon amana. Bankuna suka sa muka buɗe asusu da sunan dukiyar marigayin, mu biyu muke sa hannu. Muka fara biyan bashinsa, sannan muka je kotun shari'a alƙali ya raba. Daga kuɗin banki naira miliyan 2.4 suka rage. Hajiya mahaifiyarmu ta samu sudusi, naira 400,000. Matarsa ta samu tumuni, naira 300,000. Sauran miliyan 1.7 aka kasa huɗu, namijin ya samu 850,000, 'yan matan kowacce 425,000. Kuɗin yaran muka zuba a asusun kowannensu, kuma kowane rasit yana cikin fayil ɗaya, domin kotu tana da ikon kiranmu mu kawo lissafi, yaran ma idan sun girma suna da ikon tambaya.

Saura fili ɗaya da Yaya ya saya a Kano. Takardar da Kaduna ta bayar ba ta aiki a kan kadarar da ke wata jiha har sai an kai ta sashen furobet na can sun sake buga mata hatiminsu, kuma su ma suna da nasu kuɗin da ake biya. A kansa muke yanzu.