Keken ɗinkin da allurarsa ke hannun dama

Saura wata biyu Ƙaramar Sallah na yanke shawarar ƙara keke ɗaya a shagona da ke Fagge, don ɗinki ya fara yi mana yawa. Na shiga ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet ina neman Juki DDL-8700 na hannu, sai na ci karo da wani talla: keke fari tas, da teburinsa da injinsa, kuɗin kuma bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ake faɗa a Kano ba. Mai kayan ya ce yana Kaduna, tashi zai yi daga gida shi ya sa ya karyar. Ya nemi in tura naira dubu 50 kafin alƙalami, ya ɗora wa direba, in cika sauran idan kaya ya iso tasha.

Hotuna huɗu ya sa. Na daɗe ina kallonsu, raina na gaya mini akwai abin da bai zauna daidai ba, amma na kasa kama bakin zaren. Ɗan yayata da ke koyon ɗinki a wurina ne ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kawu, ai wannan keken na bahago ne." Sai na sake dubawa. Allura tana hannun dama, wilin da ake juyawa da hannu da bel ɗinsa suna hagu. Shekara ashirin ina zama a gaban irin wannan keke, kullum allura a hagu take, wili a dama. Hoton ne aka juya, kamar yadda madubi ke juya fuska. Sunan da ke jikin keken kuma, wanda da ya fito a birkice ya tona asiri, an rufe shi da lambar wayar mai tallar a dukkan hotunan.

Dalilin juyawar shi ne a ɓatar da mai bincike. Idan ka ajiye hoto a wayarka, ka buɗe manhajar Google ka taɓa alamar kyamara, wato Google Lens, za ka iya zaɓar hoton a nuna maka inda ya taɓa fitowa a intanet. Masu satar hoto sun san da haka, sai su juya shi, su yanke gefensa, su ɗan sauya haske. Da muka fara nema da hoton yadda yake, kekuna masu kama da shi kawai aka jero mana, wanda ba hujja ba ce, tunda irin keken ya cika duniya. Sai yaron ya mayar da hoton daidai a wurin gyaran hoto na wayar, ya yanke inda lambar take, muka sake nema, muka duba sashen "Exact matches", wato hotunan da suka yi daidai da shi sak. Nan ya fito a wani shafin saida kayan hannu na ƙasar waje, da tabon mai iri ɗaya a gefen tebur. Muka kai shi TinEye, wani shafin binciken hoto, muka jera sakamakon da "Oldest", wato daga mafi daɗewa, ya nuna hoton ya girmi tallar da shekaru.

Bayan na san gaskiya ne idona ya buɗe ga abin da ke bayan keken, kuma nan ne na fi jin takaici, don shaidar tana gabana tun farko. A jikin bango akwai soket mai tsaga biyu a tsaye da ƙaramin rami a ƙasa, irin na Amurka. Namu mai ramuka uku ne masu kusurwa. Da na zuƙo hoton injin da ke ƙarƙashin tebur, farantin da ke jikinsa na nuna alamar 110V, alhali wutarmu 230 ce. Ko da keken na hannunsa da gaske, da na jona shi a Kano da injin ya ƙone. Mai cuta yana zuba wayonsa a kan kayan da yake tallatawa, bango da daɓe da taga kuwa ba kasafai yake tuna su ba.

Ban nuna masa na gano ba. Na rubuta masa cewa, "Malam, don Allah ka rubuta ranar yau da kalmar Fagge a takarda, ka ɗora a kan keken, ka saka masa jan zare, ka ɗauko mini." Ya yi kusan awa ɗaya, sai ga hoto. Akwai takarda, akwai jan zare, allura ma ta koma hagu. Muka nema a Lens ba a samu komai ba, kuma a nan ne mutum zai iya faɗawa, don rashin samun hoto a bincike bai wanke shi ba. Hoton da aka ƙirƙira da na'ura minti goma da suka wuce ba shi da tarihin da za a tono.

Zaren ne ya kama shi. Kowane tela ya san hanyar zare: daga kan sandarsa ya sauko, ya ratsa tsakanin faifan nan biyu masu matse shi, ya ratsa ɗan ƙarfen da ke hawa da sauka, sannan ya gangaro cikin allura daga hagu zuwa dama. A hotonsa zaren ya fito ne daga jikin ƙarfen keken kai tsaye, ya ɓace a tsakiya, ya sake ɓullowa kusa da allura. Lambobin da ke kan abin saita tsawon ɗinki ba lambobi ba ne, wasu ƙananan zane ne masu kama da rubutu. Takardar kuma ba ta da inuwa ko kaɗan, alhali teburin da take kai yana da inuwa a gefen dama. Na'urar da ke ƙirƙirar hoto ta san kamannin keke daga nesa, amma ba ta taɓa saka zare ba, kuma ina ganin kowace sana'a tana da irin wannan wuri da mai ita kaɗai zai gane. Mai gyaran waya a Farm Centre zai duba ramin caji da jeren kyamarori, ɗan Kwari zai duba rubutun bakin atamfa da yadda zanen ke maimaita kansa.

Na ce masa mu yi kiran bidiyo, ya taka keken in ji ƙararsa, ya nuna mini lambar da ke jikin kan keken. Ya ce sabis ba kyau. Na ce ina da ɗan'uwa a Kawo, zai zo ya gani da kuɗi a hannu. Daga nan bai ƙara amsawa ba. Na danna wurin kai ƙorafi a shafin, na haɗa da hoton asalin.

Keken da na saya daga baya a nan cikin gari yake, wajen Ƙofar Ruwa, shi ma hotonsa ba a bar shi haka ba. Wurin da yadi ke gogawa a gaban allura ya yi sumul kamar roba, babu ko ƙwarzane, ga layin bakin tebur ya ɗan lanƙwashe a daidai wurin, alamar an bi shi da abin goge tabo. Keken da ya yi aiki dole fentinsa ya ci a nan. Na tambayi mai shi, ya ce ɗansa ne ya gyara hoton don ya yi kyau. Na hau adaidaita sahu na je da ƙyallen shadda a aljihu. Fentin ya ci har ƙarfe ya fito, faɗin tafin hannu, amma ɗinkin ya fita a miƙe, sama da ƙasa, ba tsallake. Muka yi ciniki a kan abin da na gani da idona, ya rage mini dubu 15, na biya a wurin, muka kwance kan keken daga tebur muka ɗora a mota.