Tagar arewa a watan Yuni

Duk wanda ya koyi ɗaukar bidiyo ya taɓa jin shawarar nan: in babu fitilu, ka nemi taga mai kallon arewa, rana ba ta shiga cikinta, haskenta ba ya canjawa. Ni ma haka aka koya min, kuma na daɗe ina aiki da ita lafiya lau. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne shawarar ta mutanen Turai ce. Can, da tsakar rana, a kudu rana take tun daga Janairu har Disamba. Kano kuwa digiri 12 kacal take arewa da tsakiyar duniya, don haka daga wajen 21 ga Afrilu zuwa wajen 21 ga Agusta rana a arewa da mu take wucewa, tun fitowarta har faɗuwarta. Hirar da zan ba da labarinta kuma a watan Yuni na ɗauke ta.

Wani tsohon baduku ne a cikin birni, a ɗakin da yake karɓar baƙi. Taga ɗaya ce babba, manhajar nuna alƙibla ta wayata ta ce arewa take kallo, na ce alhamdu lillahi. Na zaunar da shi a gefen gabas na tagar, kusan taku biyu daga bango, fuskarsa yamma, na ɗan karkata kujerar yadda hasken zai zo masa ta gaba-dama, ba ta kunne kai tsaye ba. Alamar da nake dubawa ita ce ɗan farin ɗigon nan a ƙwayar idonsa duka biyu. In ya fito a ido ɗaya kawai, kujerar na bukatar ƙarin juyi zuwa taga. Kyamara na sa mata 1/50, f/2.8, ISO 400, launi na kulle a 5600K. Makunnin ƙwan ɗakin na tabbatar a kashe yake ko da babu wuta, domin in aka kawo ta ana tsakiyar magana, launi biyu ne zai haɗu a fuska, ga fanka ta cika makirufo.

Rifilekta kuwa, wato abin da ke dawo da haske zuwa ɓangaren inuwa, farin soson nan ne mai tauri da ake kare sabon firiji da shi a kwali, kyauta wani mai shago ya ba ni. Na taho da abin tare rana na gilashin mota, mai ruwan azurfa, amma ina ɗaga shi Baba ya kanne ido ya ce, "Kai yaro, walda za ka yi min?" Na ajiye. Gaskiyarsa ne. Azurfa tana dawo da haske mai kaifi, tana kuma fito da duk zufar da ke goshi. Fari laushi gare shi, sai dai ba shi da ƙarfi, don haka dole ya matso. Mutane da yawa suna jingina shi can nesa su ce ba ya aiki. Nawa a kan kujera na ɗaure shi, bai fi kamu ɗaya da rabi daga kumatunsa na hagu ba, daidai inda zai fita daga hoto, na ɗan tura shi gaba don jikin mutumin kada ya tare masa hasken taga. Ina matsar da shi ina kallon allon kyamara har layin gemu da tsagen fuskarsa suka fito a ɓangaren inuwa, sai na tsaya. Ba so nake ɓangarorin biyu su zama ɗaya ba, fuska sai ta baje.

Daga ƙarfe uku saura zuwa kiran la'asar komai ya tafi daidai. Muka fita masallaci, muka dawo, aka sha ruwa, aka ci gaba. A lokacin ne kuma Baba ya saki jiki, ya shiga labarin yadda mahaifinsa ya koya masa jima da bagaruwa, wanda shi ne zuciyar hirar gaba ɗaya.

Ina kallon fuskarsa, ina sauraro, sai na ga kafaɗarsa ta dama ta yi fari fat a allo. Rana ta sauko arewa maso yamma, ta sami hanya ta kusurwar tagar, siririn haske kamar wuƙa, ɗauke da inuwar ƙarafan taga. Da farko a farar shaddarsa ya sauka. Kafin minti goma ya hau gefen hularsa, ya kuma bugi bangon da ke bayansa, wanda rabinsa na ƙasa koren fenti ne. Bangon ya zama rifilekta na biyu wanda ban gayyata ba, ya zuba masa kore a wuya da ƙasan haɓa. Ga damina, gajimare na wucewa, hasken ya zo ya tafi. Dattijo yana maganar mahaifinsa idonsa ya cika da ƙwalla, wa zai ce masa tsaya in gyara taga? Na rage ISO zuwa 200 don ceton rigar, fuskar ta yi duhu, na bari a haka.

Wajen tacewa na ga girman ɓarnar. Duhu ana iya ɗaga shi kaɗan, amma inda hoto ya ƙone ya koma fari zalla babu abin da ya rage a wurin, ɗinkin wuyan rigar ma ya ɓace. Mafi ciwo, ba zan iya haɗa jimlar kafin sallah da ta bayan sallah ba, kowa zai ga an yanka. Ƙarshe muryarsa na ɗora a kan hotunan hannuwansa yana yankan fata. Fuskarsa a daidai wurin da ya fi dacewa a gan ta, babu ita a fim ɗin, kuma har yau in na kalla sai raina ya sosu.

Maganin bai kai kuɗin abincin rana ba. Farin yadi mara kauri, kamu huɗu, a rataye shi ta waje ya rufe tagar duka tun kafin a fara. Ta waje, ba ta ciki ba, don inuwar ƙarafa kada ta zanu a jikin yadin. Yana cin kusan rabin hasken, sai ISO 400 ya koma 800, amma in rana ta bugo, yadin ne zai yi haske gaba ɗayansa, ba tsiri ya shigo ba. Ƙarfin zai ƙaru, wannan ana gyara shi da juyi ɗaya a kyamara. Bango mai launi kusa da mutum kuma in rufe shi da baƙin zani ko in matsar da kujera.

Yanzu kafin in zaɓi taga sai na tambayi wata. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris, ta arewa nake nema. Daga Mayu zuwa tsakiyar Agusta, ta kudu. In gidan ba shi da ko ɗaya, ta yamma da safe, ta gabas bayan azahar. Kuma ba na dogara da waya kaɗai, gidajen cikin birni ba a kan layi aka gina su ba. Masu gida nake tambaya, musamman mata, ƙarfe nawa rana take shigowa ɗakin nan, a ina take sauka. A gidan Baba ma da na koma kai masa fim ɗin na yi tambayar, jikarsa ta nuna min bangon nan kore ta ce, "Ai kullum bayan la'asar nan take bugawa, har sai an yi girbi."